Yadda ake karanta lambar shuɗin allo a laftof mai Windows, a gano inda matsalar take

Idan laftof ta yi shuɗin allo ta sake tashi da kanta, Windows ce ta tsayar da komai da gangan. Ta ga wani abu ya lalace a can cikin zuciyar manhajar, inda direbobi, wato ƙananan manhajojin da suke sarrafa kayan ƙarfen kwamfuta, suke aiki kafaɗa da kafaɗa da ita, ta kuma san cewa in ta ci gaba a haka za ta iya rubuta shirme a kan fayilolinka. Sai ta tsaya, ta kwashe abin da yake cikin ram ta ajiye a fayil, ta nuna maka sunan irin laifin da ta kama. Wannan sunan shi ne rubutun manyan baƙi da ke gaban `Stop code` a ƙasan allon. A sababbin fitowar Windows 11 allon ya koma baƙi tun 2025, amma rubutun yana nan, aikinsa kuma bai sauya ba.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, lambar tana faɗin irin ɓarnar da aka yi ne, ba kasafai take faɗin wanda ya yi ta ba. A ranar 19 ga Yuli, 2024, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya suka faɗi lokaci guda, da yawansu suna nuna `PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA`. Wannan lamba ce da masu gyara da yawa suke cewa ram ne da zarar sun gan ta, alhali a ranar ram ɗin kowa ƙalau yake, sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ce ta sa direbanta ya karanto wurin da babu komai. Shi ya sa lamba ɗaya da ka gani sau ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Abin da yake kai ka ga mai laifi shi ne jerin lambobin da kwamfutar ta tara, da lokacin da suke zuwa, da abin da aka taɓa a jikinta kafin su fara.

Kuma kada ka yi gaggawar kai ta a yi mata fomatin. Fomatin yana share duk shaidar da za a bi, in kuma ram ne ko hadis, bayan kwana kaɗan za ta dawo da halinta, ga kuɗi ya tafi, ga fayiloli sun tafi.

Fara da kama lambar

Allon yakan wuce kafin mutum ya gama karantawa, don haka mataki na farko shi ne hana ta sake tashi da kanta. Danna maɓallin Windows tare da `R`, ka rubuta:

```
sysdm.cpl
```

Ka shiga `Advanced`, a ƙarƙashin `Startup and Recovery` ka danna `Settings`, ka cire alamar da ke kan `Automatically restart`. A wannan shafin dai, ka duba `Write debugging information`. Kada ya kasance a kan `(none)`. Ka bar shi a `Automatic memory dump`, ko ka zaɓi `Small memory dump (256 KB)` idan hadis ɗinka ya kusa cika. Daga yanzu idan ta faɗi, allon zai tsaya sai ka danne maɓallin wuta. Ka ɗauki hotonsa da waya, ka tabbata layin ƙasa ya fito, domin wani lokaci akwai ƙarin layi da yake cewa `What failed` tare da sunan fayil mai ƙarewa da `.sys`. Wannan layin ya fi lambar kanta daraja. Murabba'in zanen nan da ake haskawa da waya kuwa, shafin taimako na kowa da kowa yake kai ka, ba zai gaya maka komai game da taka kwamfutar ba.

Faɗuwar da ta riga ta wuce ma ba ta ɓace ba. Ka sake danna Windows da `R`, ka rubuta `eventvwr.msc`, ka shiga `Windows Logs`, sannan `System`. A dama akwai `Filter Current Log`. Ka sa lamba 1001 a wurin `Event ID`, ka nemi layukan da tushensu yake `BugCheck`. Kowane ɗaya faɗuwa ɗaya ce, da ranarta da lokacinta, kuma za ka ga rubutu irin wannan:

```
The bugcheck was: 0x0000001a (0x0000000000041792, ...)
```

Lamba ta farko ita ce ta laifin, a nan `0x1A`, wato `MEMORY_MANAGEMENT`. Huɗun da ke cikin baka ƙarin bayani ne, ma'anarsu tana sauyawa daga laifi zuwa laifi. Ka samu takarda ka jera su: rana, lokaci, lamba, da abin da kake yi sa'ad da ta faɗi in kana iya tunawa. Ka ƙara da ko tana jikin caja ko tana kan batir, da ko ta yi zafi.

Sai ka buɗe wannan:

```
perfmon /rel
```

Zai nuna maka kwanaki a jere, da jan alama a ranakun da ta faɗi, da kuma abin da aka saka ko aka sabunta a kowace rana. Ka koma ranar faɗuwar farko, ka dubi kwana biyu zuwa uku kafin ita. Sau da yawa amsar tana nan a fili: an sabunta direban waifai, an saka manhajar kashe ƙwayar cuta ta biyu a kan ta farko, ko an zuba mata direbobi gaba ɗaya daga manhajar nan da ake yawo da ita a falash.

Lamba ɗaya ce take maimaituwa, ko kullum sabuwa?

Nan ne hanya take rabuwa. Dubi takardarka. Idan lamba ɗaya ce take dawowa, da sunan fayil ɗaya, kuma a kan aiki iri ɗaya, to kusan ko da yaushe direba ne. Direba mai kuskure a wuri ɗaya yake tuntuɓe, duk lokacin da aka bi ta wurin. Microsoft da kanta ta ce kimanin kashi 70 cikin 100 na irin wannan faɗuwa daga direbobin wasu kamfanoni suke, kashi 10 kuma daga kayan ƙarfe. Idan kuwa yau wannan lamba, gobe waccan, jibi wata, babu sunan direban da ya tsaya, ka karkata zarginka kan ram. Lalataccen ram yana jirkita duk abin da aka ajiye a gurbin da ya mutu, kuma abin da ake ajiyewa a wurin yana sauyawa duk tashi, saboda haka wanda zai faɗi ma yana sauyawa.

Mu ɗauki ta direba tukuna, don ita ce mai sauƙi. A ce laftof tana faɗuwa da `DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL`, wato `0xD1`, a ƙasa kuma an rubuta `Netwtw06.sys`. Ma'anar lambar ita ce wani direba ya miƙa hannu ga wani sashe na ram da ba ya nan, a daidai lokacin da yake aikin gaggawa wanda ba a yarda ya tsaya jiran a ɗauko masa komai daga hadis ba. Fayil ɗin da ya fara da `Netwtw` na katin waifai na Intel ne. In ka duba takardarka za ka iske faɗuwar tana zuwa ne sa'ad da ake sauke abu mai nauyi, ko an haɗa da intanet ɗin waya, ko an buɗe murfin bayan ta yi barci. Gwajin ba ya cin ko sisi: kashe waifai ɗin, ka haɗa wayarka da kebul ka ba ta intanet ta nan, ka yi aiki yini guda. In ba ta faɗi ba, ka kama shi.

Gyaran yana cikin `devmgmt.msc`. Buɗe `Network adapters`, ka danna katin sau biyu, ka shiga `Driver`. In `Roll Back Driver` yana dannuwa, ka danna, ya koma tsohon da yake aiki lafiya. In ya dushe, babu tsohon a ajiye ke nan. Sai ka fara sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da ainihin lambar samfurinta da ke manne a ƙasanta, kafin ka cire komai. Mutane da yawa sukan cire direban waifai sannan su tuna da shi za su shiga intanet. Bayan ka sauko da shi, ka zaɓi `Uninstall device`, ka sa alama a akwatin da yake cewa a goge direban shi ma, ka sake tayar da ita, ka saka sabon. Idan ba ka sa alamar nan ba, Windows za ta mayar da wanda ka cire.

Haka ake bi da `VIDEO_TDR_FAILURE`, wato `0x116`. Katin hoto ne ya yi shiru fiye da daƙiƙa 2, Windows ta yi ƙoƙarin farfaɗo da shi ta kasa. Sunan fayil ɗin zai gaya maka na wa ne: `nvlddmkm.sys` na Nvidia, `igdkmd64.sys` na Intel, `atikmpag.sys` na AMD. Sai dai wannan zafi ma yana kawo ta, don haka in sauya direba bai yi ba, ka dubi fanka.

Idan allon bai nuna sunan fayil ba, akwai shi a cikin abin da Windows ta ajiye a `C:\Windows\Minidump`. Ka kwafi fayilolin `.dmp` ɗin zuwa `Desktop`, domin a inda suke ba ta cika barin a buɗe su ba. Ka saka `WinDbg` daga `Microsoft Store`, kyauta ne, ka buɗe ɗaya daga ciki, ka rubuta:

```
!analyze -v
```

Karon farko yana bukatar intanet kuma zai ɗan jima. Rubutu zai zubo da yawa, ka bar shi ya wuce, ka nemi layuka biyu kawai: `IMAGE_NAME` da `FAILURE_BUCKET_ID`. Ka yi wa fayil uku ko huɗu haka, ka kwatanta. A kula, manhajojin share datti suna goge wannan foldar, kada ka yi shara kafin ka gama bincike.

In ka ga `ntoskrnl.exe` ko `ntkrnlmp.exe` a wurin, kada ka je neman yadda za ka sauya shi. Shi ne zuciyar Windows ɗin, kuma sunansa yana fitowa ne don shi ya ga ɓarnar, kamar maigadin da ya busa usur bayan ɓarawo ya tsallake katanga. Fitowarsa a kai a kai tare da lambobi mabambanta alama ce da take ƙara nuna ram.

Misali daga farko har ƙarshe: laftof ɗin da aka ƙara wa ram

A ɗauka ɗalibi ya sayi laftof 'yar gwanjo mai ram 8GB, ya sa aka ƙara masa wani 8GB a wurin sayen. Makon farko lafiya lau, don rubutu kawai yake yi. Da ya fara buɗe shafuka da yawa yana kallon darasi a bidiyo, sai ta fara faɗuwa. Takardarsa ta nuna faɗuwa huɗu: `0x1A` sau biyu, `0x50`, wato `PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA`, sau ɗaya, sai `0xA`, wato `IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL`. A cikin `WinDbg`, uku sun nuna `ntkrnlmp.exe`, ɗaya ya nuna `memory_corruption`. `perfmon /rel` bai nuna an saka wani direba ba. Ban da wannan, burauza takan rufe kanta, wani fayil da ya sauko da shi kuma ya ƙi buɗuwa, sai da ya sake saukewa.

Duk waɗannan wuri ɗaya suke nunawa. Dalilin da ya sa makon farko bai ga komai ba shi ne aikin bai cika ram ɗin ba, ba a cika kaiwa ga gurbin da ya lalace ba. Da aiki ya yi nauyi aka fara zuba abubuwa a can.

Gwajin farko yana cikin Windows. Ka ajiye aikinka, ka sa ta a caja, ka rubuta:

```
mdsched.exe
```

Ka zaɓi ta sake tashi yanzu. Da gwajin ya fara, danna `F1`, ka zaɓi `Extended`, ka danna `F10`. Zai ɗauki awanni, wani lokaci ma ya yi kamar ya tsaya a wuri ɗaya, ka ƙyale shi. Sakamakon yana `System` a cikin `eventvwr.msc`, ƙarƙashin `MemoryDiagnostics-Results`. In ya ce ya samu kuskure, ka yarda da shi. In ya ce bai samu ba, kada ka saki jiki, don wannan gwajin yana barin ƙananan kurakurai su wuce.

Wanda ya fi shi tsanani shi ne `MemTest86`. Ana sa shi a falash, a tayar da kwamfutar daga falash ɗin ba tare da Windows ba. Duk abin da ke cikin falash ɗin zai goge, ka kwashe kayanka tukuna. Na kyauta yana zagaye 4, kuma a ram 16GB wannan aikin awanni ne, saboda haka ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta, ko ka kai ta inda ake da sola. In batirin ya mutu a tsakiya, an koma farko. Ka ɗora ta a kan tebur, ba katifa ko darduma ba, don gwajin yana sa ta zafi. A nan kuskure ko ɗaya ne, kuskure ne. Lafiyayyen ram sifili yake bayarwa.

A misalinmu, a ce zagaye na biyu ya fito da kurakurai. Har yanzu ba a san wanne ne daga cikin biyun ba, ba a kuma san ko ramin da ake sa shi ne ba. Sai a raba su. Kashe ta gaba ɗaya, cire caja, cire batir in mai fita ne. In na ciki ne, bayan ka buɗe murfin ƙasa ka fara zare soket ɗin batirin daga jikin bod kafin ka taɓa komai. Danne maɓallin wuta kamar daƙiƙa 15 don sauran wutar ta fita. Lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mutum yakan ji tsiri-tsirin wuta in ya taɓa ƙofar mota, ka taɓa ƙarfen da yake haɗe da ƙasa kafin ka kama ram, ka kuma riƙe shi ta gefe, ban da haƙoran zinaren. Ƙarafa biyu ne suke riƙe da shi hagu da dama. Ka buɗa su waje a tare, zai ɗago da kansa a karkace, ka zare.

Ka bar na asali shi kaɗai a raminsa, ka gwada. Sannan ka cire shi, ka sa sabon shi kaɗai a wannan ramin dai, ka gwada. In kurakuran sun bi sabon, shi ne, a mayar wa mai shago ya sauya. Ka ɗauki hoton allon gwajin ka tafi da shi, ya fi dogon bayani. In duka biyun sun wuce lafiya a rami na farko, ka sa ɗaya a rami na biyu. Kuskure a nan yana nufin ramin ne. Kafin ka yanke masa hukunci, ka hure shi da abin hura iska na roba, ka goge haƙoran ram ɗin a hankali da abin goge fensir mai laushi, ka kakkaɓe, ka mayar. Ƙurar Kano tana shiga ko'ina, kuma ram da bai zauna daidai ba yana ba da alamu iri ɗaya da wanda ya mutu. Wajen mayarwa, ka tura shi a karkace har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka danna ƙasa ka ji ƙarafan sun kama.

Akwai hali na uku, inda kowanne shi kaɗai lafiya, amma in an haɗa su sai kuskure. Wannan rashin jituwa ne. Ka karanta takardar da ke manne a jikinsu. Bambancin gudu kamar `PC4-2400` da `PC4-2666` yawanci ba ya hana su aiki, duka sukan sauko kan gudun ƙaramin. Wanda ya fi cutarwa yana cikin tsofaffin laftof: `PC3` yana aiki da bolt 1.5, `PC3L` kuma 1.35, ga shi raminsu ɗaya, kowanne yana shiga. Laftof da aka yi ta don `PC3L` in aka cusa mata `PC3`, ko dai ta ƙi tashi, ko ta tashi tana faɗuwa. Duk mai sayen ram a Beirut Road ko Farm Centre ya tafi da laftof ɗin, a gwada a gabansa, ya kuma nemi a ba shi kwana biyu na gwaji, don minti biyar a kan kanta ba ya nuna komai.

Bayan an sauya ram, akwai sauran aiki. Duk kwanakin da lalataccen ya yi a ciki, mai yiwuwa ya jirkita wasu fayilolin Windows a lokacin rubuta su. Buɗe `Command Prompt` da `Run as administrator`, ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth
sfc /scannow
chkdsk C: /scan
```

Na farko yana bukatar intanet, yana gyara ma'ajiyar da na biyu yake ɗibar lafiyayyun fayiloli daga ciki, shi ya sa yake gaba. A lura, waɗannan umarni gyaran abin da ya riga ya lalace suke yi. Wanda ya fara da su alhali lalataccen ram yana ciki, za su gyara yau, gobe wani ya sake lalacewa.

In ram ɗin laftof ɗinka a like yake da bod, kamar yadda ake yi wa sirara da yawa yanzu, gwajin `MemTest86` yana nan yadda yake, amma cirewa da rabawa babu. Kuskure a can aikin mai gyaran bod ne, kuma gara ka ji kuɗin aikin kafin ka amince.

Idan hadis ne

Lambobin hadis suna da nasu dangi: `KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR` wato `0x7A`, `CRITICAL_PROCESS_DIED` wato `0xEF`, da `UNEXPECTED_STORE_EXCEPTION`. Kafin faɗuwar, kwamfutar takan daskare na ɗan lokaci, linzami yana motsi amma babu abin da yake buɗuwa. Wata alama mai ƙarfi ita ce allon ya tsaya a kashi 0 ya ƙi gaba, in ka duba `Minidump` kuma babu sabon fayil. Windows ta so ta rubuta, wurin rubutun ne ya ɓace mata. Wani lokaci bayan faɗuwar za ta tashi ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, sai an kashe an kunna.

A `0x7A`, lamba ta biyu a cikin baka tana magana sarai. `C000009C` tana nufin an kasa karanta wani sashe na hadis don ya lalace. `C000009D` tana nufin hadis ɗin ya ɓace gaba ɗaya, wanda sau da yawa soket ne ya saki, musamman a laftof da take shan jijjiga a jaka a bayan babur ko cikin adaidaita. A cire a mayar da kyau kafin a sayi sabo.

Da ka fara zargin hadis, kwashe muhimman fayiloli kafin kowane gwaji. Kada ka fara da `chkdsk /r`, domin yana karanta hadis ɗin kaf na awanni, kuma wanda yake bakin mutuwa yana iya ƙarasawa a hannunsa. Bayan ka kwashe, ka duba shi da `CrystalDiskInfo`. In ya nuna `Caution` da ruwan ɗorawa, kuma layin `05` ko `C5` yana da adadi, hadis ɗin ya fara cin kansa, sauyawa ce kawai. `Good` kuwa ba rantsuwa ba ce, don hadis irin na SSD yakan mutu bai yi sallama ba. Ka haɗa da duba `System` ko akwai layuka daga `disk` masu lamba 7, 51 ko 153 dab da lokacin faɗuwar.

`INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE`, wato `0x7B`, tana tsorata mutane fiye da kima. In ta zo bayan an taɓa BIOS, wato saitunan injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ko bayan ƙaramin batirin bod ya mutu saituna suka koma na asali, yawanci yanayin hadis ne ya sauya tsakanin `AHCI` da `RAID` ko `RST`. A mayar da shi yadda yake a da, za ta tashi da komai nata. Agogon kwamfutar da ya koma wata tsohuwar shekara shi ne yake tona asirin batirin.

Idan ba ta bari a shiga Windows

Kunna ta, da tambarin Windows ya fito ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Ka maimaita sau biyu ko uku, za ta kai ka shafin gyara. Bi `Troubleshoot`, `Advanced options`, `Startup Settings`, `Restart`, ka danna 4. Wannan shi ne `Safe Mode`, inda take tashi da direbobinta na dole kawai. In ta zauna lafiya a nan, zargi ya koma kan direba ko manhajar da aka saka, kuma daga nan za ka iya cire su, ko ka koma `Uninstall Updates` a shafin gyaran. In a nan ma tana faɗuwa, ka fi kusa da ram ko hadis. Laftof ɗin da aka kulle da `BitLocker` za ta iya neman mabuɗi mai lambobi 48 a wannan hanya. Yana cikin asusun Microsoft da aka shiga da shi, ka nemo shi ta waya kafin ka fara, kada kuma ka bari a taɓa BIOS ba ka da shi a hannu.

Masu HP suna da gwajin ram da hadis a jikin injin, ana shigarsa da `F2` lokacin kunnawa. Masu Dell kuma `F12` sannan `Diagnostics`. Ba sa bukatar Windows ko falash.

Zafi, da mutuwar da ba shuɗin allo ba ce

`WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR`, wato `0x124`, ita ce lambar da ta fi kowace nuna kayan ƙarfe kai tsaye, domin injin ne da kansa ya kai ƙara. A laftof, fara da zafi. A watannin Maris zuwa Mayu, sa'ad da rana take haura digiri 40 a Kano, laftof ɗin da ƙura ta toshe mata raga ba ta da inda za ta kai zafinta. Ka saka `HWiNFO`, ka kalli zafin furosesa kana aikin da yake kayar da ita. In tana zaune sama da digiri 90, ka kai hannu bakin ragar. Fanka tana ihu amma iskar da take fita ba ta da ƙarfi, to ƙura ta yi kirtani tsakanin fankar da ragar, sai an buɗe an cire. Hura iska daga waje cusa ta ciki kawai yake yi. In an buɗe, a goge busasshen man da ke kan furosesa a sa sabo, ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake.

Akwai kuma wadda take mutuwa ɗif, babu allo babu lamba. A `System` za ka ga `Kernel-Power` mai lamba 41, wanda kansa ba ya nufin komai sai cewa ba a kashe ta ta hanya ba. Ka buɗe `Details` ka dubi `BugcheckCode`. In akwai adadi, shuɗin allo ne da ya wuce ba ka gani ba, sai dai a nan da lissafin yau da kullum ake rubuta shi: 26 shi ne `0x1A`, 80 shi ne `0x50`, 209 shi ne `0xD1`. In sifili ne, Windows ba ta samu damar cewa komai ba, wuta ce ta yanke ko injin ya kashe kansa don zafi. Ka daidaita lokutan da ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta. In sun zo ɗaya, batirin ne ba ya iya ɗaukar nauyi, ko da yana nuna kashi 60. Ka gwada ta da wata cajar asali mai wat daidai da abin da aka rubuta a ƙasan laftof ɗin, sannan ka duba lafiyar batirin da wannan a cikin `Command Prompt`, zai nuna maka inda ya ajiye rahoton, sai ka buɗe shi:

```
powercfg /batteryreport
```

A cikin rahoton, kwatanta `DESIGN CAPACITY` da `FULL CHARGE CAPACITY`. In na biyun ya faɗi ƙasa da rabin na farko, sauya batirin kafin ka ci gaba da neman laifi a wani wuri.